Dina ba ta ɗauke wa kowa yinin biki

Saura wata biyu a ɗaura auren ƙanena, ƙarshen shekarar 2024, ya shigo ɗakin Hajiyarmu bayan sallar isha'i da takarda a ninke cikin aljihu. Ni ya miƙa wa, don ya san in Hajiya ta fara gani, zancen ya mutu tun bai buɗe baki ba. Takardar daga wani wurin taro take a nan Kano, irin manyan holan nan da ake hayarwa don dina, kuma an rubuta naira 800,000 a ƙasa. Ya ce, "Yaya, kin ga ba wani abu ba ne. Abokaina sun ce za su kama mini rabi." Na tambaye shi abinci fa. Ya ce za a duba. Na tambaye shi adon wuri fa. Ya ce shi ma za a duba. A lokacin albashinsa naira 120,000 ne a wata, kuma bai gama biyan kuɗin hayar gidan da zai saka amaryar ba.

Ra'ayina a kan wannan magana ba ɓoyayye ba ne. Saurayi da budurwar da suke ƙirga kuɗinsu kafin su kashe, su yi bikinsu a gida, su bar hol ga masu shi. Amma ba don hol haramun ne ba, ba kuma don bikin gida yana da daɗin yi ba, domin ni da na tsaya a kan tukwane na san ba shi da shi. Dalilina na lissafi ne, kuma akwai wuri ɗaya a lissafin da kusan kowa yake tsallakewa.

Mutane suna yin tambayar kamar zaɓi ne tsakanin abu biyu, ko hol ko gida. A bikin Bahaushe ba haka abin yake ba. Ɗaurin aure a masallaci ake yi ko a ƙofar gida, kuma mazan da suka zo daga nesa sai an ba su abinci. Kamu da sa lalle na mata ne, a gida. Yinin biki a gida ake yi, gidan amarya cike, gidan ango cike. 'Yan uwan da suka taso daga Gaya ko Ɗambatta ko Zariya tun ranar Laraba, a gida za su sauka, a gida za su karya, a gida za su kwana har a kai amarya. Ban taɓa ganin gidan da aka ce tunda an kama hol ranar Asabar da daddare, to an sauke tukunya da rana ba. Wato duk abin da za a kashe a gida sai an kashe shi, ko an yi dina ko ba a yi ba. Dina ɗori ce a kan biki. Saboda haka tambayar gaskiya ita ce: bikin gida kaɗai, ko bikin gida da wani biki na biyu a kansa? Duk wanda ya ce maka ya kama hol ne don ya huta da hidimar gida, ka tambaye shi buhu nawa aka dafa a gidansu ranar yini.

Washegari na ce wa ƙanena ya ɗauke ni mu je wurin, mu yi tambayoyin da bai yi ba. Wuri ne mai kyau, ba zan ɓoye ba, sanyi ko'ina, tayil kamar ka ga fuskarka. Mai kula da wurin ya karɓe mu da fara'a, ya ce kuɗin nan na awa huɗu ne, da kujeru da tebura da wuta. In an wuce lokaci akwai ƙari, saboda janareto dizal yake sha. Kujerun kuwa tsirara suke, in ana son a lulluɓe su da yadi a ɗaura musu ƙyalle, wannan aikin masu ado ne, kuma yana da mutanensa da ya fi so a ɗauka. Na ce abinci fa, za mu iya dafowa daga gida mu kawo a kuloli? Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ba a hana ba, amma ba a saba ba." Na gane abin da yake nufi. Wurin da kansa yake faɗa maka irin abincin da ya dace da shi, da irin rigar da za a shigo da ita.

Muka dawo gida muka zauna da biro, muna buga waya muna tambayar farashi, a kan mutum 300. Masu ado suka ce 450,000, da kujerar ango da amarya da fitilu da furannin roba. Mai abinci ta ce faranti ɗaya 4,500, shinkafa kala biyu da kaza da ɗan salak, wato miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da hamsin ke nan, tun ba a sha ruwa ba. Ruwan gora da lemo suka ci 200,000. Sai mai kiɗa da mai gabatarwa, sai masu hoto da bidiyo, sai katin shiga da masu tsaron ƙofa da kek. Sai rigar amarya ta dina, wadda ba ta cikin lefe, ba kuma za ta ƙara saka ta ba, da mai kwalliya da mai ɗaurin kallabi. Da muka haɗa, naira miliyan uku da dubu ɗari bakwai ya tashi. Kuɗin hol ɗin da ya shigo da shi yana cewa ba wani abu ba ne, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na jimillar ba.

Ƙanena ya daɗe yana kallon takardar. Na ce masa ya raba da albashinsa. Ya raba, ya samu wata talatin da 'yan kai, shekara biyu da rabi yana aiki bai ci ba bai sha ba. Na ce ya raba da awa huɗu. Bai raba ba, ya ajiye biron.

Wannan shi ne halin hol, kuma shi ya sa farashin da ake fara faɗa maka yake yaudara. Kuɗin hayar ƙofa ce kawai. Da ka shiga, kowane abu yana jawo ɗan'uwansa. Ba ka kama wuri mai fitilu ka bar shi ba ado, ba ka yi ado ka ƙi ɗauko mai hoto na gaske, ba ka ɗauko mai hoto amarya ta fito da hodar gida. In amarya ta yi shiga, ƙawaye sai anko, abokan ango sai shadda iri ɗaya, uwar amarya da uwar ango kowace da nata fitar. Wannan kuɗin ankon ma ba ya shiga takardar ango, amma daga aljihun wasu yake fita, kuma na san 'yan matan da suka ci bashi don kar a ce ba su yi wa ƙawarsu kara ba. Babu wani mataki a cikin jerin nan da mutum zai tsaya ya ce nan ne na yi wauta. Kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai, yana da hujja. Wautar tana can farko, ranar da aka biya kafin alƙalami.

Yanzu bari in faɗi abin da muka kashe a gida, don kar a ce na nuna gefe ɗaya. Walima muka yi ta maza bayan ɗaurin aure, da yinin mata da rana. Rumfa huɗu muka ɗauko haya a kan 10,000 kowace, da kujerun roba 200 a kan 150 kowace. Shinkafa buhu biyu muka saya a kan 90,000 kowane, rago ɗaya da ƙarin naman sa suka ci 250,000, sai mai da kayan miya da itace. Mata uku masu girkin biki muka ɗauko suka jagoranci tukwane, dangi suka kama musu. Ruwan leda muka saya, aka yi zoɓo da kunun aya a manyan robobi aka zuba ƙanƙara. Mai hoto ɗaya ya yini da mu. A takarda 890,000 muka rubuta, amma da aka watse abin ya kusa miliyan ɗaya, kuma zan faɗi inda ƙarin ya tafi. Mutanen da suka ci abincin nan sun haura 500 a ƙiyasina. Dina da za ta ci kusan ninki huɗu, mutum 300 kawai za ta ɗauka, kuma da mun yi ta, da wannan miliyan ɗayan ma sai mun kashe shi.

Inda ƙarin ya tafi shi ne inda masu son hol suke da gaskiya, kuma ba zan danne musu ita ba. Bikin gida ba shi da ƙofa. Ƙarfe uku na rana shinkafa ta ƙare, ga mata suna ta sallama, sai da aka ruga kanti aka ɗauko katan-katan na taliya aka ɗora sabuwar tukunya. Da mai kujeru ya zo kwasa da safe ya ƙirga, shida babu, biyu sun karye huɗu sun yi ƙafa, muka biya. Wayar wata 'yar ƙanwar Hajiya ta ɓace a ɗakin da aka tara jakunkuna. Banɗaki biyu ne a gidan, kuma abin da na gani a cikinsu da magariba ba na rubutawa ba ne. Mun toshe layinmu tun safe, sai da Kawu ya bi maƙwabta gida-gida tun ana saura kwana uku yana neman izini da afuwa, kuma duk da haka wani mai mota ya fito ya faɗa mana maganar da har yau Hajiya ba ta manta ba. Mu ma mun yi sa'a lokacin sanyi ne. Wanda ya sa rana a watan Agusta, hadari ɗaya ya isa ya kwashe masa rumfuna ya tura mutum ɗari cikin falo.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa, wato ƙarfin mata. Namiji in ya ce bikin gida ya fi sauƙi, ka tambaye shi wa ya yanka albasa. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Tun asuba muke kan murhu, hayaƙi ya cinye mana ido, ranar yinin ma ban samu na ɗaura ɗankwalin ankona ba sai bayan la'asar, kuma babu ni a hoto ko ɗaya da amarya. Gwaggonmu, wadda ta haura sittin, sai da aka kai ta kemis washegari saboda ciwon baya. Duk macen da ta ce gara a biya a je hol ta zauna a kawo mata faranti kamar kowa, ban ga laifinta ba. Sai dai in tuna mata cewa ko an yi dinar, da rana tana kan murhun nan, da daddare ne kawai za ta je ta zauna tana gyangyaɗi cikin leshi. Maganin wahalar mata a bikin gida shi ne a ƙara masu girki na haya, a ɗauko masu wanke-wanke, a sa samari biyu a ƙofa, a kulle ɗakin jakunkuna a ba mutum ɗaya mukulli. Duk wannan bai kai kuɗin furannin roba ba. Mu mata uku muka ɗauko, da zan sake, shida zan ɗauko.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakin samari ita ce liƙi. Su ce ai dina tana mayar da kuɗinta. Na taɓa zama a ɗaki ana ƙirga kuɗin liƙin dinar wani ɗan'uwanmu, a kan darduma, ƙarfe ɗayan dare. Jaka biyu aka juye, ka rantse an yi arziki. Da aka jera, yawancinsu 'yan ɗari biyu ne da 'yan ɗari biyar, sababbi fil, waɗanda mutane suka saya da riba a hannun masu canji a bakin ƙofa. Mai gabatarwa ya zo da nasa kason, mai kiɗa ya ce wanda aka zuba a gabansa nasa ne, dangin amarya suka ce wanda aka liƙa mata da uwarta ba ya shiga lissafin ango. Abin da ya rage wa angon bai biya mai abinci ba. Kuma ko da ya biya, liƙi da gudummawa ba kyauta ba ne a wurinmu. Kowace uwa tana da littafin da take rubuta wance ta kawo kaza, don ranar bikin wancen a mayar, sau da yawa har da ɗori. Abokin da ya kama maka 100,000 yau, nasa auren yana tafe, kuma ba zai tambaye ka ko matarka ta haihu a watan ba. Bashi ne mai kunya, wanda ba a kai ƙara a kansa amma ba a isa a ƙi biya ba. Ban ma shiga maganar cewa dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa naira da taka ta a wurin taro ba, da yadda hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a kan haka a 2024.

Gudummawar nan ita ce ya kamata a tsaya a kanta. Abokan ƙanena da gaske suke, sun shirya haɗa masa 400,000. Abin da na lura shi ne, mutane sun fi saurin buɗe aljihu don dina fiye da don kuɗin haya, saboda dina su ma za su ci, za su fito a hoto. Na ce masa ya gwada su, ya ce ya fasa dinar amma yana neman taimako a kan gida. Wasu suka ja baya, amma waɗanda suka tsaya suka haɗa masa abin da ya cike kuɗin hayar shekara, ya saka ƙaramar sola mai ɗaukar fanka da fitilu. Amarya ta tare a gidan da babu mai buga ƙofa yana neman cikon kuɗinsa.

Kuma wannan shi ne abin da yake ba ni tsoro da dina a aljihun mai ƙaramin ƙarfi. Kuɗin ba daga sama yake faɗowa ba, daga wani wuri ake yanko shi. Sadaki ba ya raguwa, lefe ba ya raguwa don idon mutane yana kansa, gwajin jini kafin aure ya zama doka a Kano tun 2024. To daga ina za a yanka? Daga abin da ba a gani: kuɗin haya, buhun abincin watan farko, ɗan abin da za a ajiye don ciwo ko awon ciki. A gefen amarya ma haka, uba ya sayar da fili ko ya karɓo kayan ɗaki bashi. Sai a gama biki ranar Lahadi, ranar Litinin ango ya fara kashe waya. Amaryar da aka shigo da ita cikin hayaƙin ado da tafi, wata biyu baya tana tambayar kuɗin cefane ana haɗe mata rai, ba ta san cewa cefanenta aka cinye a daren nan ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kasuwa ta koma. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, bai kai kuɗin buhun shinkafar da muka saya ba. Amma tsarin bikinmu bai ji wannan labarin ba, yana nan yana kwaikwayon bukukuwan da ake sauka da jirage, irin na 'yar Ɗangote a 2018 ko na ɗan Buhari a Bichi a 2021. Su ba su yi laifi ba, daidai ruwa daidai tsaki suka yi. Mu ne muke zuba tsakin da ruwanmu bai kai ba.

Abin lura ne cewa lokacin da gwamnatin Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu ta hannun Hisbah a watan Oktoban 2023, abin da aka ba su shi ne sadakin 50,000, da gado da katifa da kayan ɗaki, da jarin 20,000 ga kowace amarya. Ko mutum yana goyon bayan auren gata ko ba ya yi, jerin kayan ya nuna abin da aure yake tsayuwa a kansa in aka cire ƙawa.

Akwai wani ɓangaren da ba na kuɗi ba, kuma shi ya fi taɓa Hajiyarmu. Dina da kati ake shiga. In wuri na mutum 300 ne, dangin ango 150, dangin amarya 150, a cire abokai da ƙawaye da abokan aiki. Wa za a bari? Kowa ya san amsar. Ba za a bar maigidan ango na ofis ba, ba za a bar Alhajin da ake sa ran zai yi liƙi ba. Gwaggon ƙauye za a bari, da maƙwabciyar da ta yi renon ango, da almajirin gidan da ya girma yana yi mana aike. Na taɓa ganin wata dattijuwa a ƙofar hol da mayafinta na fita kunya, wani ƙato yana tambayarta kati, tana cewa, "Ɗan nan, ni ce fa na yi wa uwar amaryar wankan jego." Bai san me take faɗa ba, kuma ba laifinsa ba ne, aikin da aka biya shi ke nan. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya kira abincin walimar da ake gayyatar mawadata a bar talakawa da mafi sharrin abinci. Ban ce duk dina haka take ba, amma tsarin kati can yake tura mutum ko bai yi niyya ba. Taliyar da muka dafa ƙarfe uku, waɗanda kati zai bari a waje ne suka ci ta.

Malamai sun sha faɗa, kuma kowa ya haddace: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce, kuma walimar aurensa da Nana Safiyya a hanyar dawowa daga Khaibara dabino ce da cuku da man shanu, babu nama babu gurasa. Matsalar ba rashin sani ba ce. Wanda zai kawo maka hadisin nan a majalisa, shi ne zai kira ka gefe ya ce amma dai ka san gidan da ka nemo, kar a raina mu. Abin da yake kai mutane hol ba sha'awa ba ce kawai, tsoron "kar a ce" ne. Kuma masu cewar, in ka bi diddigi, ba su wuce mutum goma ba, babu kuma ɗaya a cikinsu da zai amsa wayarka ranar da mai gida ya zo karɓar haya.

Sai amarya, wadda ita ce aka fi yi wa rashin adalci a irin wannan muhawara. Ana maganarta kamar ita ce mai kwaɗayi. Yarinya ce da ta yi anko ta je dinar ƙawayenta biyar, ta yi musu liƙi, kuma tun tana sakandare take hango nata daren. In ka ce mata babu, ba ƙaramin abu ka karɓe mata ba, kuma faɗa da wa'azi ba sa maye gurbinsa. Kuskuren da maza suke yi shi ne su yanke hukunci su aika mata da saƙo, ko kuma su ji kunya su ce to, su tafi neman bashi a ɓoye. Ƙanena takardar nan ya ɗauka ya kai mata, da lissafin biyu gefe da gefe, da albashinsa a rubuce a sama, abin da bai taɓa faɗa mata ba. Ta yi kuka, ta yi kwana biyu ba ta ɗaga wayarsa ba. A rana ta uku ta ce ta yarda, da sharaɗi biyu: za ta yi kwalliyarta wurin wadda take so ko nawa ne, kuma mai hoton ita za ta zaɓa. Na ce masa ya karɓa da hannu biyu. Abin da take so daga dinar ashe rabinsa hoto ne, kuma hoto ba ya buƙatar mutum 300 su ci kaza. Aka gyara kusurwa ɗaya a tsakar gidansu da labule da fitilu ranar kamu, kuɗin bai kai 70,000 ba.

Na san akwai waɗanda gida ba zai yi musu ba ko sun so. Wanda yake haya a bene a Abuja ko Legas, ko wanda gidansu yake cikin lungun da ko Adaidaita Sahu ba ta shiga, ba shi da inda zai kafa rumfa. Shi ma ba dole sai wurin 800,000 ba. Harabar makarantar Islamiyya ko ta firamare ranar da babu karatu, ko filin wani ɗan'uwa mai katanga, suna ɗaukar rumfa da kujeru, kuma ba su damu da wace kula aka kawo abinci ba. In ma hol ɗin ne dole, a kama ƙarami da rana, a mayar da yinin can gaba ɗaya, a kai abincin gida. Gwajin da nake ba kowa guda ɗaya ne: wurin da za ka biya, zai ɗauke maka wani taro ne da za ka yi a gida, ko ƙara maka wani zai yi? In ɗaukewa zai yi, a duba farashi. In ƙari ne, kuma kuɗin sai an ranto ko an taɓa na haya, to a bar shi. Wanda kuma Allah ya hore masa, ya biya hayarsa ya cika rumbunsa, ya yi dinarsa lafiya, in ya ba ni kati zan je.

Matar ƙanena ta haihu bana. Ranar suna muna zaune a ɗakinta, wata ƙawarta tana nuna mata bidiyon dinar wata a waya, na ga ta karɓa ta kalla har ƙarshe, ta mayar da shi baya ta sake kallon shigowar amarya. Ta ɗago ta ce mini, "Yaya, wallahi har yanzu in na gani sai na ji wani abu." Na ce mata na sani. Sai jaririn ya motsa, ta miƙa wa ƙawar wayarta, ta ce a ƙara gudun fankar.